Daga Baki Har Mafitsara: Inda Sigari Ke Shuka Ciwon Daji

Da an ambaci sigari, hankalin kowa sai ya tafi kan huhu. Amma hayaƙin taba yana ɗauke da sinadarai kusan 70 masu haddasa ciwon daji, kuma ba a ƙirji kaɗai suke tsayawa ba. Suna fara ɓarna a baki da maƙogwaro da maƙoshi, sannan su shiga jini su isa ciki da hanta da hanji da ƙoda, har da bakin mahaifa da shi jinin kansa.

Wadda aka fi mantawa da ita ita ce mafitsara. Ƙoda tana tace dafin daga jini ta zuba shi cikin fitsari, fitsarin kuwa ya yi awanni a mafitsara yana gogar bangonta. Kusan rabin masu dajin mafitsara taba ce silarsu. Alamar farko yawanci jini ne a fitsari ba tare da zafi ba, kuma a nan muke yin sake, domin a ƙasar Hausa da an ga jini sai a ce tsargiya ce. Dattijon da ya daɗe yana busa taba bai kamata ya tsaya a wannan zato ba.

Hoton binciken da ake yi wa mai lafiya kuwa, na huhu ne kawai. Siti-sikan ne mai ƙaramin haske, sau ɗaya a shekara. Wani babban bincike a Amurka da aka fitar a 2011 ya nuna yana rage mace-macen dajin huhu da kashi 20 cikin ɗari idan aka kwatanta da hoton ƙirji na yau da kullum.

To, wa ya cancanta? Ƙa'idar Amurka ta 2021 ta ce mai shekara 50 zuwa 80, wanda yake sha ko bai wuce shekara 15 da dainawa ba, kuma lissafinsa ya kai 20. Ana ninka kwalin da yake sha a rana, mai kara 20, da shekarun da ya yi. A ce mutum mai shekara 58 ya yi shekara 20 yana shan rabin kwali, ya samu 10. Ya ƙara shekara 12 yana shan kwali guda, jimla 22. Ya daina shekara shida da suka wuce, don haka ya shiga layi.

Dalilin wannan tsauri shi ne hoton yakan nuna tabon da ba daji ba ne, musamman ga wanda ya taɓa yin tarin fuka, sai a shiga fargaba da ƙarin hotuna, wani lokaci har da tsaga. Wanda jikinsa ba zai ɗauki tiyata ba ma, ba a sa shi.

Mai tarin jini, ko dushewar murya da ta ƙi tafiya, ko jini a fitsari, wannan lissafi bai shafe shi ba. Ya ga likita a makon nan.