Ninkin jari a cinikin kirifto: Inda farashin rufewar dole ke faɗawa

A watan Yulin 2021 kamfanin Binance ya rage ninkin jarin da sababbin masu ciniki za su iya ɗauka zuwa sau 20, bayan a baya ya kai har sau 125. Dalilin matakin yana cikin wani lissafi da ya kamata duk ma'aikacin da ke sanya wani ɓangare na albashinsa a wannan kasuwa ya sani kafin ya taɓa maɓallin `Leverage`.

A cinikin jingina, mutum yana ajiye kuɗi kaɗan ya riƙe haja mai daraja fiye da su. Idan asara ta cinye jinginar har ta kusa ƙarewa, dandalin zai rufe cinikin da kansa. Farashin da hakan ke faruwa shi ne wanda manhaja ke nunawa a `Liq. Price`. Dandalin ba ya jiran jinginar ta ƙare tas, domin akwai wani ɗan kaso da tilas ya rage a ajiye.

A ƙaddara wani ma'aikaci yana da dala 1,000 a asusunsa, ya sayi 0.1 na Bitcoin a kan dala 60,000, wato hajar dala 6,000. A ɗauka kason da tilas ya rage rabin kashi ɗaya ne cikin ɗari, wato dala 30, kuma a ajiye kuɗin kamasho gefe.

Idan ya zaɓi tsarin `Isolated`, jinginar wannan ciniki kaɗai ke cikin haɗari. Da ninki 10, jinginar dala 600 ce, don haka zai iya jure asarar dala 570. Tunda duk faɗuwar dala 10 a farashin Bitcoin asarar dala ɗaya ce a gare shi, za a rufe cinikin a kan dala 54,300. Da ninki 20 jinginar ta koma dala 300, farashin rufewar ya hau zuwa 57,300. Da ninki 50 kuwa ya kai 59,100, wato faɗuwar kashi ɗaya da rabi cikin ɗari ta ishe shi, motsin da Bitcoin kan yi cikin sa'a guda. Ga wanda ya yi cinikin da ke cin riba idan farashi ya faɗi, lissafin iri ɗaya ne, sai dai farashin rufewar yana sama da inda ya shiga.

A tsarin `Cross` kuwa, duk abin da ke asusun ne ke tsaya wa cinikin. Dala 1,000 ɗin nan za su jure asarar dala 970, don haka rufewar ba za ta zo ba sai a kan 50,300. Numfashin ya fi tsawo, amma ranar da aka rufe, kusan komai ya tafi, ba dala 600 kaɗai ba.

A nan mutane da dama ke ruɗewa. A `Cross`, sauya ninki daga 10 zuwa 20 ba ya motsa farashin rufewar ko kaɗan matuƙar girman hajar bai sauya ba. Abin da ya ragu shi ne kuɗin da aka ɗaure. Haɗarin yana zuwa ne idan mutum ya ga rarar ya ƙara haja. Idan ma'aikacin ya riƙe 0.3 na Bitcoin da ninki 20, farashin rufewar zai dawo kusan 56,970, kuma asusun ne gaba ɗaya a kan layi. Haka nan asarar wani cinikin daban a asusun tana janyo wannan farashi kusa.

Saboda haka zaɓen ninki shi ne matakin ƙarshe. Da farko mutum zai yanke inda zai fita da kansa ta hanyar `Stop-Loss`, a ce 57,000. Sai ya duba ko zai iya ɗaukar asarar da ke wurin, wato dala 300. Idan ta yi masa yawa, hajar zai rage. Daga nan ya zaɓi ninkin da zai ajiye rufewar dole nesa a bayan wurin fitarsa. A `Isolated`, ninki 20 bai dace ba, domin za a rufe shi a 57,300 tun kafin umarninsa ya yi aiki. Ninki 10 ya bar tazarar dala 2,700.

Akwai abubuwa biyu da ke sa lissafin takarda ya bambanta da na manhaja. Manyan dandamali suna auna rufewa da `Mark Price`, wanda kan ɗan saɓa da farashin ciniki na ƙarshe. Sannan kuɗin `Funding`, da galibi ake biya duk bayan sa'o'i 8, na iya zaizaye jinginar cinikin da ya kwana biyu a buɗe. Alamar ita ce `Liq. Price` yana matsowa alhali mai ciniki bai taɓa komai ba, kuma a lokacin ne ya kamata ya rage haja ko ya ƙara jingina.