Daga Sikeli Zuwa Sirinji: Yadda Ake Lissafin Maganin Yaro

A jarrabawar ma'aikatan jinya da ta masu ilimin haɗa magunguna akwai wata tambaya da ba ta wuce layi uku a takarda ba, amma tana sa ɗalibai gumi. Ga yadda takan zo: yaro mai nauyin kilo 12 yana fama da zazzaɓi, likita ya rubuta a ba shi farasitamol miligiram 15 ga kowane kilo, kwalbar da ke hannu kuma an rubuta mata 120 mg/5 ml. Mililita nawa za a ba shi?

Duk ɗalibin da ke shirin jarrabawar Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya ya san irinta. Lissafin bai fi na ɗan firamare ba, ninkawa ne da rabawa. Wahalar tana wajen gane abin da kowace lamba ke nufi.

Da farko ana neman yawan sinadarin da jikin yaron ke buƙata. Kilo 12 sau 15 ya ba da miligiram 180. Sai dai ba miligiram ake zubawa a bakin yaro ba, ruwan magani ake zubawa, shi kuwa da mililita ake auna shi. Rubutun jikin kwalbar yana cewa a cikin kowane mililita 5 akwai miligiram 120. Don haka sai a raba abin da ake so da abin da ke akwai, a ninka da yawan ruwan: 180 a raba da 120 ya zama 1.5, sau 5 ya zama mililita 7.5. Amsar ke nan.

Me ya sa ake bin nauyi maimakon shekaru? Yara biyu 'yan shekara uku-uku na iya bambanta ƙwarai, musamman idan ɗayansu tamowa ta taɓa shi. Magani yana watsuwa ne a cikin jiki gwargwadon girmansa, abin da ya yi wa mai ƙiba daidai zai iya yi wa ramamme yawa. Shi ya sa ake fara ɗora yaro a sikeli kafin a ɗauki biro. Bin nauyin ma yana da iyaka. Babban mutum mai kilo 80, in aka bi lissafin nan, zai tashi da miligiram 1,200, alhali ba a wuce giram ɗaya a sha guda, ko giram huɗu cikin awa 24, saboda farasitamol in ya yi yawa hanta yake lalatawa.

Yanzu a sauya kwalbar. Akwai farasitamol na jarirai da ake ɗigawa, mai miligiram 100 a kowane mililita ɗaya. Suna ɗaya, ƙarfi daban. Wanda ya haddace “bakwai da rabi” ya auna daga wannan kwalba ya ɗura wa yaron miligiram 750, fiye da ninki huɗu na abin da aka rubuta. Da irin wannan kwalba, mililita 1.8 kacal yake buƙata.

Wuri na biyu da ake zamewa shi ne sauya ma'auni. Giram ɗaya miligiram 1,000 ne, miligiram ɗaya kuma maikirogiram 1,000. Masu shirya jarrabawa suna son digozin, maganin zuciya, domin gwada wannan. A rubuta 0.125 mg a takardar likita, a ce ƙwayar da ke kanta mai maikirogiram 62.5 ce. Kafin a raba komai dole lambobin biyu su koma ma'auni ɗaya: miligiram 0.125 daidai yake da maikirogiram 125, ke nan ƙwaya biyu. Digozin magani ne da tazarar da ke tsakanin amfaninsa da gubarsa ba ta da faɗi, ɗigo ɗaya da ya kauce daga mazauninsa yana ninka magani sau goma. Saboda haka ne ake koya wa ɗalibai su rubuta 0.5 mg da sifilinsa a gaba, kada su rubuta .5, kuma su rubuta 5 mg ba 5.0 ba, don ido na iya tsallake ɗigon ya karanta 50. Wani lokacin kuma nauyin ne ke zuwa da fam, kamar yadda littattafan Amurka ke yi. A nan ana rabawa da 2.2, yaro mai fam 44 ya zama kilo 20.

Misalin da ya fi kusa da abin da ma'aikacin jinya zai gani a ɗakin yara da damina shi ne allurar atesunet, wadda ake yi wa mai zazzaɓin cizon sauro da ya yi tsanani. Ƙa'idar ita ce miligiram 2.4 ga kowane kilo, amma tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaron da bai kai kilo 20 ba a ba shi miligiram 3 ga kowane kilo, domin a jikin ƙananan yara maganin ba ya kai ƙarfin da yake kaiwa a jinin manya. A ɗauki yarinya mai kilo 14. Nata miligiram 42 ne. Wanda ya manta da batun kilo 20 zai samu 33.6, ya rage mata kashi ɗaya cikin biyar na maganinta a lokacin da take tsakanin rai da mutuwa.

Atesunet gari ne a ƙaramar kwalba, miligiram 60. Ana fara narkar da shi da mililita ɗaya na ruwan baikabonet da ke zuwa tare da shi, a girgiza har ya washe. Idan ta jijiya za a bayar, sai a ƙara mililita 5 na ruwan gishirin asibiti, jimla mililita 6, kowane mililita na ɗauke da miligiram 10. Yarinyar za ta samu mililita 4.2. Idan kuwa a tsoka za a yi, mililita 2 ake ƙarawa, jimla 3, ƙarfin ya zama miligiram 20 a mililita, sai ta samu mililita 2.1. Kuskuren da ake iya yi a nan shi ne mantawa da mililita ɗayan farko, a raba 60 da 5 maimakon 6. Kuma wannan adadin na allura ɗaya ne, za a maimaita shi bayan awa 12, sannan a awa 24.

Wannan ya kawo tarko na ƙarshe, wanda ba na lissafi ba ne, na karatu ne: adadin na sha ɗaya ne ko na yini duka? Idan tambaya ta ce amoksisilin miligiram 80 ga kowane kilo a rana, a raba biyu, yaro mai kilo 10 zai samu 800 a yini, wato 400 da safe, 400 da dare. Mai gaggawa sai ya ba da 800 sau biyu.

Ƙwararru ba sa rufe lissafi sai sun tambayi kansu ko amsar ta yi kama da abin da ake ba mutum. Ƙwaya ashirin a sha ɗaya, ko allurar mililita 21 a cinyar yarinya, alama ce ta ɗigo ya ɓata ko ma'auni ya cakuɗe. A ganin mai wannan rubutu, ɗalibin da ke rubuta ma'auni kusa da kowace lamba a kowane layi ya fi mai saurin danna kalkuleta samun tsira. A ɗakin marasa lafiya kuma, magungunan da ke da haɗari irin su insulin da digozin, asibitoci da dama na sa ma'aikaci na biyu ya yi nasa lissafin shi kaɗai, ba tare da ya ga amsar na farko ba, kafin a zuƙi maganin a sirinji.