Gajeren saƙon da ke raka takardar neman tallafi

Mu Hausawa ba ma shiga magana sai mun gaisa, mun tambayi gida da aiki da gajiya. A zaure wannan ladabi ne. Amma jami'in gidauniya da saƙonni suka yi wa yawa ranar rufe karɓar takardu, abu uku kawai yake nema a imel ɗinka: me za a yi, nawa ake nema, me aka haɗo. Tarihin ƙungiya da bayanin halin da jama'a ke ciki suna da wurinsu a cikin babbar takardar, kuma can zai karanta su.

A ɗauka wata ƙungiyar mata ce a Jigawa take neman kuɗin gyaran rijiyoyin burtsatse. A layin take za ta sa lambar sanarwar idan akwai, da sunan ƙungiya, da sunan aikin, domin da su jami'in zai laluɓo saƙon bayan wata biyu. Jikin saƙon, ko da Turanci ko Faransanci sanarwar ta ce a rubuta, bai wuce haka ba:

"Barka da aiki. Muna neman tallafin Naira 4,800,000 domin gyara rijiyoyin burtsatse shida a ƙauyuka uku cikin wata takwas. Mun haɗo takardar bayanin aikin, da kasafin kuɗi, da shaidar rajistarmu ta CAC. Ga sunan shugabarmu da lambar wayarta. Mun gode."

A wajen kuɗin aka fi yin tuntuɓe. Wasu suna jin nauyin faɗin adadi, sai su rubuta "duk abin da ya sawwaƙa", kamar ana neman gudummawar biki. Gidauniya tana da iyakar abin da take bayarwa, kuma jami'in yana so ya gani nan take ko buƙatarka ta shiga cikin iyakar. A faɗi irin kuɗin ma, naira ce ko dala ko sefa. Idan aikin gaba ɗaya zai ci Naira 6,000,000, jama'ar gari kuma za su kawo 1,200,000, a ambaci duka biyun, kada a ɗauka jimillar ake nema. Matsalar da ta fi ɓoyuwa ita ce a gyara kasafi daren ƙarshe a manta da imel, sai adadin nan ya saɓa da na can. Mai dubawa zai fara shakkar lissafinku tun kafin ya buɗe shafi na biyu.

Takardun kuwa a jera su yadda sanarwa ta jera su, kowace da suna mai ma'ana irin `Kasafi_Burtsatse.xlsx`, a bar `Document1`. Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce 25 MB. Idan ya wuce sai ya mayar da shi mahaɗin Google Drive, wanda jami'in ba lallai ya iya buɗewa ba in ba a ba shi izini ba. Saboda haka a rage nauyin hotuna, a fara tura wa kai saƙon, a buɗe kowace takarda a waya a tabbatar ta buɗu.