Idan Burauza Kaɗai Ta Ƙi Buɗewa

Saƙonni na shiga, sauran manhajoji na aiki lafiya, amma an buɗe Chrome ta ce babu intanet. Yawancin mutane nan take suke ɗora wa kamfanin waya laifi, ko su yi ta kashe Wi-Fi suna kunnawa. Alhali tun da wasu manhajojin na samun hanya, layin lafiyarsa ƙalau. Matsalar tana tsakanin burauzar da ƙofar da take bi ta fita.

Mai amfani da datar waya ya fara duba abu guda: wace data ya saya? Akwai ta soshiyal midiya zalla, wadda ke buɗe WhatsApp da Facebook amma ba ta buɗe sauran shafuka. In ba ita ba ce, to abubuwa uku ake zargi.

Na farko shi ne ma'ajiyar da burauza ke tara hotuna da guntayen shafukan da aka taɓa ziyarta, don kada ta sake sauke su. Ita aka fi zargi, kuma a ganina ita ce mafi ƙarancin laifi. Tsohon abin da ta ajiye kan hargitsa shafi ɗaya, da wuya ya rufe dukkan shafuka. In shafi ɗaya ne ke gardama, a danna Ctrl+Shift+Delete a zaɓi Cached images and files kawai. Wanda ya haɗa har da Cookies zai tarar an fitar da shi daga asusunsa a shafuka da dama, sai ya sake shiga.

Na biyu su ne ƙananan manhajojin da ake liƙa wa burauza, irin masu toshe talla ko masu aikin VPN. Gwajinsu ba wuya. A danna Ctrl+Shift+N a buɗe tagar Incognito, inda ba sa aiki sai in an ba su izini. In shafi ya buɗe a can, a rubuta chrome://extensions a wurin adireshi, a kashe su duka, sannan a riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya har mai laifin ta bayyana.

Na uku, furoksi, shi ne ya cancanci a tsaya a kansa. Furoksi ɗan aike ne: maimakon burauza ta je wa shafi da kanta, sai ta miƙa masa buƙatarta ya je ya karɓo. Chrome da Edge a Windows suna bin saitin furoksi na kwamfutar sau da ƙafa, yayin da wasu manhajoji ba ruwansu da shi, kai tsaye suke fita. Shi ya sa in ɗan aiken ya ɓace, burauza kaɗai ake bari a tsaye.

A ce ɗalibi ya saka wata manhajar tsallake shinge a kwamfutarsa, irin waɗanda suka yawaita a Najeriya lokacin da aka dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Wasu daga cikinsu kan sauya saitin furoksi zuwa 127.0.0.1, adireshin da ke nufin ita kwamfutar kanta, domin komai ya bi ta hannunsu. In an rufe manhajar yadda ya kamata, tana mayar da saitin yadda ta same shi. To amma sai aka ɗauke wuta, batir ya mutu tana tsakar aiki. Da aka kunna kwamfutar, saitin na nan, manhajar kuwa ba ta tashi ba. Chrome na ƙwanƙwasawa, babu mai amsawa, sai ta nuna ERR_PROXY_CONNECTION_FAILED. Wannan rubutun da ke ƙasan shafi, wanda ba a cika karantawa ba, ya riga ya faɗi cutar. Ko a Incognito ma shafi ba zai buɗe ba, Edge ma haka.

Maganin: a shiga Settings, sai Network & Internet, sai Proxy, a kashe Use a proxy server. A kwamfutar ofis kuwa kada a taɓa sai an tambayi mai kula da na'urori, domin wasu ma'aikatu ta furoksi kaɗai suke barin a fita.

A Android, saitin yana liƙe da kowace Wi-Fi daban. A shiga gyaran Wi-Fi ɗin da ake kai, a nemi Proxy a cikin Advanced options, a mayar da shi None. Alamar wannan ita ce burauza ta ƙi aiki a Wi-Fi guda, amma ta buɗe da an koma data.

Abin da ya fi damuna shi ne saitin da aka kashe ya sake kunna kansa, musamman in yana ɗauke da adireshin da mai kwamfutar bai sani ba. Wannan na nuna akwai manhajar da ke mayar da shi, kuma tana iya zama muguwa mai son zirga-zirgar mutum ta bi ta hannunta. Kada a shiga asusun banki da wannan kwamfutar. A cire manhajojin da aka saka kwanan nan, a yi Full scan da Windows Security, sannan a sauya kalmomin sirri daga wata na'urar daban.