Tallar ɗaukar sabbin ɗalibai a Gumel: Yadda iyaye za su auna kuɗin makaranta da ingancin karatu

Da zarar hutun ƙarshen shekarar karatu ya doshi ƙarewa, sai takardun tallar makarantun kuɗi su fara bayyana a Gumel da kewaye. Wasu a manna su a jikin bango da turakun lantarki, wasu a raba su a bakin masallaci ranar Juma'a, wasu kuma su iso wayoyin iyaye ta zaurukan WhatsApp na unguwa da na ofis. Kusan duka lafazinsu ɗaya ne: ana ci gaba da ɗaukar ɗalibai, gwamnati ta amince da makarantar, akwai ƙwararrun malamai, ba cunkoso a aji, kuɗi kuma daidai aljihun talaka.

Ba laifi ba ne makaranta ta tallata kanta, domin ita ma da kuɗin ɗalibai take rayuwa. Sai dai ya kamata uba ya san cewa a ƙarƙashin dokar ilimin bai-ɗaya ta shekarar 2004, karatun shekara tara na farko, wato shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma wajibi a makarantun gwamnati. Saboda haka duk wanda ya kai ɗansa makarantar kuɗi, ƙari ya saya a kan abin da doka ta riga ta ba shi. Haƙƙinsa ne ya san nawa ƙarin zai ci masa, kuma mene ne a cikinsa.

Adadin da ake rubutawa da manyan haruffa a takardar talla yawanci kuɗin karatu ne na zango ɗaya kawai. Shekara kuwa zango uku ce, kuma akwai kuɗaɗen da sai an je ofishin makaranta ake jin labarinsu. Mu ɗauki misali da alƙaluman da muka ƙiyasta don sauƙin lissafi, ba farashin wata makaranta takamaimai ba. Ma'aikacin ƙaramar hukuma ne a Gumel yake son sa 'yarsa aji ɗaya na firamare, ga takardun makarantu biyu a hannunsa. Ta farko ta ce Naira 18,000 a zango, ta biyu ta ce Naira 30,000. Kowa ya gani zai ce ta farko ce mai rangwame.

Da ya je ta farkon, sai aka ce fom Naira 3,000, rajistar sabon ɗalibi 10,000, yunifom da kayan wasanni 14,000, littattafai 20,000. Sannan kowane zango akwai kuɗin jarrabawa 2,000, na ƙungiyar iyaye da malamai 1,000, da na darasin bayan tashi 3,000, wanda ake cewa na ganin dama ne amma a cikinsa ake ƙarasa manhaja. A ƙarshen shekara kuma akwai 5,000 na bikin raba kyaututtuka. In an tara duka, shekarar farko ta kama Naira 124,000. Abin da zai biya kafin yarinyar ta zauna a aji a zangon farko kaɗai Naira 71,000 ne, wato ya haura mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a shekarar 2024.

Ta biyun kuwa ta haɗa jarrabawa da darasin yamma da sauran tarkace a cikin 30,000 ɗin, ba ta karɓar kuɗin rajista. Da fom da yunifom da littattafai a kan farashi iri ɗaya, shekararta ta tashi 127,000. Bambancin da a takarda ya yi kama da 36,000 a shekara ashe 3,000 ne. Idan kuma ta farkon tana da nisa, ana biyan ɗan acaɓa Naira 400 kullum kai da ɗauko, a kwanakin karatu kimanin 190 an ƙara 76,000, jimla ta zama 200,000 cif. Makarantar da yaro zai taka da ƙafa sau da yawa ita ce mai arha, ko da takardarta ta fi tsada.

Tambayar da ta dace a yi a ofis ita ce: nawa zan biya daga watan Satumba zuwa Yuli, kuma a rubuta mini. Makarantar da ke da tsari takan miƙo takardar farashi mai ɗauke da hatimi ba tare da wani ja-in-ja ba. Wadda ta ce "ai sauran ƙananan abubuwa ne, Alhaji, in lokaci ya yi za a sanar," ta riga ta ba da amsa.

Lokacin biya ma abin dubawa ne a wannan yanki. Zangon farko shi ne mafi nauyi, kuma yana faɗowa ne kafin amfanin gona ya gama shiga kasuwa. Ɗan kasuwar da jarinsa ke jiran kakar riɗi a Gagarawa ko Sule Tankarkar, ko mai harkar dabbobi da cinikinsa ya dogara da kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, kuɗi ba ya zo masa wata-wata kamar na ma'aikaci. Irin wannan uba ya fi buƙatar yarjejeniyar biya kashi biyu ko uku a rubuce fiye da rangwamen fom da ake yi wa waɗanda suka yi rajista da wuri. Ya kuma tambaya tun farko ko ana korar yara gida saboda bashi, kuma a mako na nawa, domin yaron da aka kora mako uku kafin jarrabawa an biya masa kuɗin zango amma bai samu karatun zango ba.

To, batun inganci fa? A nan ma lissafi yana taimakawa fiye da kallon fentin gini. Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, 40 a sakandare, kuma takardar NCE ce mafi ƙarancin shaidar da ake shiga aikin koyarwa da ita. Samun masu wannan takarda ba abu ne mai wuya ba a garin da ke da Kwalejin Ilimi ta Jihar Jigawa. Abin da ke da wuya shi ne riƙe su.

Mu koma ga makarantar 18,000. Idan gaskiya ne yara 25 ne a aji kamar yadda talla ta ce, ajin yana kawo Naira 450,000 a zango, wato 1,350,000 a shekara, ko 112,500 a wata idan aka raba wata goma sha biyu. Wannan idan kowa ya biya ke nan, abin da ba kasafai yake faruwa ba. A cikin wannan kuɗi za a fitar da albashin malamin ajin, da kason shugaban makaranta da malamin Islamiyya da maigadi, da haya, da ruwa, da gyara, da ribar mai makaranta. Ƙananan kuɗaɗen da muka lissafa a baya suna ɗan cike giɓi, shi ya sa ma ake ƙirƙiro su. Amma duk da haka da wuya alkawura uku su haɗu a wuri ɗaya: kuɗi kaɗan, aji marar cunkoso, da gogaggen malami mai albashin kirki. Dole ɗaya ya ba da kai. Ko dai a cika ajin, ko a biya malami abin da ba zai zauna a kansa ba, ya yi zango biyu ya samu aikin gwamnati ya tafi.

Shi ya sa tambayar "malamanku suna da NCE?" ba ta isa ba, domin amsar kullum "e" ce. Gara a tambayi sunan malamin da zai riƙe ajin yaron, da shekara nawa ya yi a makarantar, da ko yana da rajista da hukumar rajistar malamai ta ƙasa, TRCN. A ganina daɗewar malamai a makaranta ta fi kowace takarda nuna gaskiyar halin da take ciki. Wurin da malamai suka yi shekara biyar ko shida ba su motsa ba, ana biyansu a kan kari kuma ana mutunta su.

Kalmar "gwamnati ta amince" ita ma tana son bincike. Izini mataki-mataki ne. Makaranta tana iya samun izinin nazare da firamare, sai ta buɗe sakandare a ɗakunan baya, allon ƙofa bai canja ba. A nemi ganin takardar izinin daga ma'aikatar ilimi ta jiha, a karanta matakin da aka rubuta da sunan makarantar da adireshinta. Ga mai neman babbar sakandare, akwai tambaya ɗaya da ke warware komai: shin makarantar tana da lambar cibiyar jarrabawa tata a WAEC ko NECO? Idan babu, to a aji uku za a kwashi yaran a yi musu rajista da sunan wata makaranta, wani lokaci a wani gari, da ƙarin kuɗi, kuma sunan waccan makarantar ce za ta fito a takardar sakamakonsu.

Daga nan sai iƙirarin da ya fi ɗaukar hankali, wato "ɗalibanmu sun ci ɗari bisa ɗari." Cin da ke kai yaro jami'a shi ne kiredit biyar har da Turanci, a yawancin fannoni kuma har da Lissafi. Makaranta tana iya cewa kowa ya ci tana nufin babu wanda ya faɗi dukkan darussa. Haka kuma ɗari bisa ɗari na yara goma sha biyu daban yake da na yara tamanin, musamman idan ajin ya fara da talatin aka tace masu rauni kafin rajista. A nemi ganin jadawalin sakamakon da hukumar jarrabawa ta aiko na shekara biyu ko uku a jere, a kwatanta yawan waɗanda suka zauna da yawan 'yan ajin a shekarar da ta gabata. Idan kuma masu jarrabawar sun ninka 'yan ajin, kowa kuma da sakamako iri ɗaya, wannan alama ce ta cibiyar da ake zuwa saboda satar amsa, kuma hukumomin jarrabawa sukan riƙe sakamako ko su soke izinin irin waɗannan cibiyoyi, mai laifi da marar laifi su tafi tare.

A firamare babu irin wannan jadawali, don haka sai uba ya yi nasa gwajin. Ya nemi littattafan rubutun 'yan aji uku na zangon da ya wuce, daga hannun maƙwabcin da 'ya'yansa ke can, ba waɗanda ofis ya zaɓo ba. Ya duba kwanan wata, ya ga ko ana ba da aiki a kai a kai, ko malami yana gyara kuskure da jan biro ko kuwa alamar daidai kawai yake yi a ƙasan shafi. Sannan ya ba yaron wani rubutun Hausa mai sauƙi da bai taɓa gani ba ya karanta, ya tambaye shi abin da ya fahimta. Yaro yana iya rera waƙoƙin Turanci da gaisuwar baƙi ba tare da ya iya haɗa baƙi da wasali ba. Idan yara biyu ko uku daga gidaje daban-daban suka karanta ba gargada bayan shekara uku a makarantar, ana koyarwa a cikinta. Idan sun kasa, sai a ajiye takardar tallar a duba ta gaba tun kafin a sayi fom, domin ba kasafai ake mayar da kuɗin fom da na rajista ba.