Ruwan da ya "ƙaru" a cikin kwalba: yadda tunanin yaro ke girma, da abin da malami zai yi da shi

Yau sai mu fara da ɗan gwaji, wanda ba ya buƙatar ko sisin kwabo. Ku samo kofunan shayi biyu iri ɗaya, ku zuba musu ruwa daidai wa daida, ku kira yaro ɗan shekara huɗu ko biyar ya tabbatar da bakinsa cewa ruwan ɗaya ne. Sannan, yana kallo, ku juye kofi ɗaya cikin siririyar kwalba. Ku tambaye shi: yanzu wane ya fi yawa? Galibin yaran wannan shekaru za su nuna kwalbar, domin ruwan ya hau sama. Yayarsa mai shekara takwas kuwa dariya za ta yi, ta ce ai ba a ƙara komai ba.

Mu masu aikin magani mun san wannan. Mililita 5 na maganin tari a cikin sirinji ya fi tsorata ƙaramin yaro fiye da mililita 5 ɗin nan a cikin cokalin awo, ƙwaya ɗaya kuma idan aka raba ta biyu sai ya ce an ƙara masa magani. Ba rigima ba ce. Iyakar inda tunaninsa ya kai ke nan.

Wanda ya fara bin diddigin wannan abu shi ne Jean Piaget, masani ɗan ƙasar Suwizalan, wanda aka haifa a 1896 ya rasu a 1980. Ya yi shekaru yana lura da 'ya'yansa uku da kuma yaran birnin Janeba, ya ce tunanin yaro na bin matakai huɗu, ɗaya bayan ɗaya. Na kawo maganar ne saboda malaman firamare, irin na unguwar Nassarawo a Mubi, inda aji ɗaya kan haɗa ɗan shekara shida da ɗan shekara goma, wani Fulatanci ake yi a gidansu, wani Guɗe, wani Hausa.

Matakin farko daga haihuwa ne zuwa shekara biyu. A nan jariri da hannu da baki yake tunani: ya kama, ya tsotsa, ya jefar da cokali sau goma don ya ji ƙararsa. Babban abin da yake koya shi ne cewa abin da ya ɓace wa ido bai bar duniya ba. Kafin wajen wata takwas, idan kuka rufe abin wasansa da zane, ba zai nema ba. Daga baya sai ya fara ɗaga zanen. Binciken da aka yi bayan Piaget ya nuna jarirai na da wannan fahimta tun kafin su iya miƙa hannu su nema. Mai renon yara a wannan mataki ba allo take buƙata ba. Murfin tukunya, ƙwarya, wasan ɓuya da hira da yaron sun wadatar.

Mataki na biyu, daga shekara biyu zuwa wajen bakwai, shi ne na yaronmu mai kwalba. Baki ya buɗe, kara ya zama doki, gwangwani ya zama mota. Amma hankalinsa abu ɗaya yake riƙewa a lokaci guda. Ya ga tsawon ruwan, bai haɗa shi da sirantar kwalbar ba. Kuma bai iya mayar da aiki baya a cikin kansa ba, wato ya ce idan aka sake juye ruwan cikin kofi zai koma yadda yake. Haka abin yake da ƙirga. Ku jera marafan kwalba bakwai, ku jera tsakuwa bakwai a ƙarƙashinsu, sannan ku baza tsakuwar ta yi tsawo. Yaron da ke rera ɗaya zuwa ɗari ba gargada zai iya ce muku tsakuwa ta fi yawa. Haddar lamba daban, gane lamba daban, kuma a nan ne mu iyaye muka fi ruɗar kanmu.

Shekara shida ake shiga aji ɗaya na firamare. Ke nan malamin aji ɗaya da na aji biyu suna tsaye ne daidai kan gadar da ke tsakanin mataki na biyu da na uku, wasu yaran sun haye, wasu ba su haye ba. A mataki na uku, daga wajen shekara bakwai zuwa goma sha ɗaya, yaro na iya yin tunani mai tsari, amma a kan abin da yake gani ko ya taɓa riƙewa. Ba kuma a rana ɗaya abin ke zuwa ba. Yakan fara gane cewa adadi ba ya canzawa, sannan yawan abu kamar ruwa ko laka, sai nauyi a wajen shekara tara zuwa goma.

Ga yadda wannan ke fitowa a littafin lissafi. Malama ta rubuta 32 a sama, 17 a ƙasa, ta ce a ɗebe. Yaro ya kawo 25. Kafin a sa masa jan biro, a duba daga ina 25 ta fito. Ya ɗebe 1 daga 3 ya sami 2. Da ya zo kan 2 da 7, ya ga ba a cire bakwai daga biyu, sai ya juya su, ya cire 2 daga 7 ya sami 5. Duk jimlar da ke buƙatar aro, haka zai yi mata. Idan kuka ga kuskure iri ɗaya yana maimaita kansa haka, ba sakaci ba ne, yaron wata doka ya ƙirƙira wa kansa.

Ƙara masa jimla ashirin irin wannan ba zai warkar da shi ba. A kawo tsinken tsintsiya, a ɗaure su goma-goma da roba. Talatin da biyu ita ce ɗauri uku da tsinke biyu. A ce ya ba abokinsa goma sha bakwai. Zai miƙa ɗauri ɗaya, ya tsaya, domin tsinke biyu ne kawai a warware. Malama ta yi haƙuri ta bar shi ya kwance ɗauri ɗaya da hannunsa. Yanzu yana da ɗauri ɗaya da tsinke goma sha biyu. Ya ba da bakwai, saura biyar. Ɗauri ɗaya da biyar, 15 ke nan. Amma ga tambayar da ta fi amsar muhimmanci, a yi ta tun kafin a fara rabo: idan an kwance ɗauri ɗaya daga cikin ukun, tsinken nawa ne gaba ɗaya? Yaron da ya ce har yanzu talatin da biyu ne ya shirya wa aro a kan takarda. Wanda ya ce sun ƙaru, shi ne yaronmu mai kwalba, kuma maganarsa a ci gaba da ɗauri da kwancewa na wasu makonni. A ƙarshe a sa shi ya karɓo goma sha bakwai ɗin ya haɗa, ya ga 32 ta dawo. Mayar da aiki baya ke nan.

Sai dai a yi hattara da gwajin kansa, don yana iya yi wa yaro ƙarya. Mu muna tarbiyyar yara kan kada su yi musu da babba. Idan babba ya yi tambaya, aka amsa, ya taɓa kayan ya sake yin tambayar, yaro mai ladabi zai ɗauka amsarsa ta farko ce ba daidai ba, ya canza. A shekarun 1960 Patricia Greenfield ta yi gwajin ruwa da yaran Wolof a Senegal. Wasu daga cikin waɗanda ba su shiga makaranta ba sun ce ruwan ya ƙaru ne saboda ita ce ta juye shi. Da aka bar su suka juye da hannunsu, da yawa suka ce ruwan bai canza ba. A nan gida ma, Douglass Price-Williams ya gwada yaran Tibi da ƙasa da 'ya'yan itatuwa da suka saba da su, a rahoton da ya fitar a 1961, ya tarar suna gane abin a kusan shekarun da yaran Turai ke ganewa. Saboda haka malami ya bar yaro ya zuba da kansa, ya yi tambayar da harshen da yaron ya fi ji, kuma kada ya tsaya a "i" ko "a'a". Ya ce, me ya sa? Amsa mai kyau iri uku ce: ba a ƙara ba kuma ba a rage ba, idan aka mayar zai koma yadda yake, ko kuwa ya yi tsawo amma ya sirance.

Shekarun da na lissafa ma ba awon magani ba ne. Mubi ta ga rufe makarantu da gudun hijira lokacin da 'yan Boko Haram suka shiga garin a watan Oktoba na 2014, kuma har yau talla, kiwo da rashin kuɗi na sa wasu yaran shiga makaranta a makare. Yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya da ke aji biyu, wadda ke ba da canjin gyaɗa ba ta kuskure, ba a mataki na biyu take ba. Rubutun lamba ne kawai baƙo a wurinta. A fara mata daga kuɗin da ta sani, za ta wuce da sauri. Akasin haka kuma, idan yaro ya kai shekara tara yana fama da abin da sa'o'insa suka daɗe da wucewa, ina ba da shawarar a kai shi asibiti a duba jinsa, ganinsa da jininsa kafin a kira shi daƙiƙi. Kunnen da ke zubar da ruwa da ƙarancin jini duk suna hana yaro bin darasi.

Mataki na huɗu yana farawa daga wajen shekara goma sha ɗaya ko sha biyu, lokacin shiga ƙaramar sakandare. A nan ne yaro ke fara tunani a kan abin da babu shi a gabansa, ya ce "a ƙaddara", ya bi maganar har ƙarshe. Piaget da abokiyar aikinsa Bärbel Inhelder sun gwada wannan da lilo: a ɗaura dutse a igiya, a tambayi yaro me ke sa shi saurin kai da kawowa, nauyin dutsen ne, tsawon igiyar ne, ko ƙarfin turawa? Ɗan shekara tara zai canza dutse da igiya a lokaci guda, ya yanke hukunci. Wanda ya haye zai riƙe komai yadda yake, ya canza abu ɗaya tak, har ya gano tsawon igiya ne: gajera ta fi sauri.

Wannan mataki ba kowa ke shigarsa ranar da ya cika shekara goma sha biyu ba, manya ma sun fi amfani da shi a fannin da suka ƙware. Don haka malamin da zai rubuta x + 7 = 12 a aji ɗaya na ƙaramar sakandare kada ya ɗauka kowa ya san mece ce x. Ya fara daga kasuwar shanu ta Mubi: mutum ya zo da wasu shanu, ya sayi bakwai, ya koma da goma sha biyu, nawa ya zo da su? Yawancin ajin za su ce biyar kafin ya rufe baki. Sai ya tambaye su yadda suka yi, su ce sun cire bakwai daga sha biyu. A lokacin ne zai rubuta x a madadin shanun da ba a faɗi adadinsu ba, ya ba su wata jimlar mai lambobi manya, wadda ba a iya cankar amsarta da ka.