Lasifika Biyu, Ƙarin Desibel Uku Kacal: Yadda Ake Haɗa Lissafin Ƙara

Mai biki ya karɓo hayar lasifika guda, aka kafa a ƙofar gida, sai ya ga kamar sautin bai kai ƙarshen layi ba. Ya sake biyan kuɗi aka kawo ta biyu, iri ɗaya, ƙarfi ɗaya, yana sa ran unguwa za ta ɗauka. Da aka kunna, ƙara ta ƙaru, amma ba wani abin a zo a gani ba. A nan ake fara zargin mai haya cewa ya kawo mataccen kaya. Galibi kuwa kayan lafiya lau suke. Idan aka sa na'urar awon ƙara a gaban lasifika ta farko ta nuna desibel 90, ta biyun ma ita kaɗai ta nuna 90, to su biyun a tare za su nuna wajen 93. Ba 180 ba, ba ma 100 ba.

Dalilin yana cikin ma'aunin kansa. Desibel ba irin mudu ba ne ko kilo, da ake ɗora wannan kan wancan a tara. Injiniyoyin kamfanin tarho na Bell a Amurka ne suka fito da shi a shekarun 1920, suka sa masa suna don girmama Alexander Graham Bell. Kunnen mutum yana jin abin da ya fara daga motsin ganye har zuwa rugugin jirgin sama, kuma tazarar ƙarfin da ke tsakanin mafi ƙanƙantar sautin da kunne ke kamawa da wanda ke sa shi ciwo ta kai ninki miliyan sau miliyan. Ba mai son yawo da irin waɗannan lambobi. Sai aka yi dabara: maimakon a rubuta lambar, a ƙirga sifirin da ke bayanta. Kowane desibel 10 sifiri ɗaya ne, wato ninki goma. Sauti mai desibel 60, wanda shi ne kusan hirar mutum biyu a ɗaki, yana nufin 1 da sifiri shida, miliyan ɗaya. Mai desibel 90 kuwa 1 ne da sifiri tara, biliyan ɗaya.

Yanzu mu koma ga lasifikokin mai biki. Ta farko tana zuba ƙarfin biliyan ɗaya, ta biyu ma biliyan ɗaya. Abin da ake tarawa shi ne wannan ƙarfin, don haka jimilla biliyan biyu ke nan. Kafin a kai desibel 100 kuwa sai an sami biliyan goma. Biliyan biyu ta wuce 90, amma da sauranta nesa kafin 100. To a ina ta faɗa?

Akwai hanyar ganowa ba tare da kwakuleta ba. Ɗauki 1 ka yi ta ninkawa biyu: 2, 4, 8, 16, 32, 64, 128, 256, 512, 1024. Ninki goma ke nan, kuma ka iso dab da dubu. Dubu sifiri uku ce, wato desibel 30. Idan ninki goma ya ba da desibel 30, kowane ninki guda ya ba da 3. Daga nan ukun ta fito. Masu lissafi kan rubuta ta da cikakkiyar lamba 3.01, kuma ga yadda ake buga ta a kwakuletar kimiyya:

```
10 × log(10^9 + 10^9) = 93.01
```

Abin lura shi ne ukun nan ba ta damu da inda aka faro ba. Fanka biyu masu desibel 50 kowace za su ba da 53. Janareta biyu masu 80 za su ba da 83. Kuma duk lokacin da kake son wasu ukun, sai ka sake ninka kayan gaba ɗaya. Lasifika huɗu 96, takwas 99, sai an jera goma cif kafin a taɓa 100. Shi kuwa kunne, gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane sun nuna cewa sai ƙara ta hau da kimanin desibel 10 yake cewa ta ninka. Ƙarin 3 ana jin sa, amma kaɗan. Ke nan mai bikin da ke son ƙara ta ninka a kunnen baƙinsa, ba lasifika ɗaya zai ƙaro ba, tara zai ƙaro. A ganina da ya matsar da wadda yake da ita kusa da jama'a ko ya ɗaga ta sama ta fuskance su, da ya fi cin riba, domin a fili duk lokacin da ka rage nisanka da lasifika da rabi kana samun kusan desibel 6 kyauta.

Ba kullum ne abubuwan da ke ƙara suke zuwa kai ɗaya ba, kuma a nan ne lissafin ya fi amfani. A ce shagon niƙa ne. Mun auna daga inda mai niƙa yake tsayawa, muna kunna abu ɗaya-ɗaya: injin niƙa ya nuna 92, janaretan maƙwabci 88, rediyon da ke rataye a bango 75. Idan aka mayar da su ƙarfi, injin niƙa ya kai wajen miliyan 1,585, janareta miliyan 631, rediyo miliyan 32. Jimilla miliyan 2,248, wanda in an mayar da shi desibel ya zama 93.5. Duba abin da ya faru. Janaretan da ke cika kunne in shi kaɗai ne, ƙarin da ya yi a kan injin bai wuce desibel ɗaya da rabi ba. Rediyo kuwa kamar babu shi.

Masu aikin awon ƙara ba sa tsayawa yin wannan dogon lissafi kowane lokaci. Suna duba tazarar da ke tsakanin biyun ne kawai, su ƙara wani abu a kan babbar. In tazarar ba ta wuce desibel 1 ba, a ƙara 3. In 2 ce ko 3, a ƙara 2. Daga 4 zuwa 9, a ƙara 1. In ta kai 10 ko ta haura, a bar babbar yadda take. Gwada da shagon nan: tsakanin 92 da 88 tazara 4 ce, a ƙara 1, ya zama 93; rediyo yana ƙasa da hakan da 18, ba a ƙara komai. An sami 93, kusa da amsar kwakuleta.

Wannan yana gaya wa mai shago inda zai kashe kuɗinsa. In ya je ya yi ta rigima da maƙwabci har aka kashe janareta, ƙara ta sauko daga 93.5 zuwa 92, da wuya ma kunnensa ya shaida. In kuwa injinsa ne ya yi shiru, sai ta faɗo 88. Duk mai son rage ƙara a wurin aiki, da babba zai fara. Gyaran ƙanana kafin a taɓa babba asarar kuɗi ce.

Kada kuma a raina ukun don kunne bai ɗauke ta da girma ba. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta ba da shawarar kada mutum ya wuce awa 8 a rana cikin ƙarar desibel 85, kuma duk ƙarin 3 a raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1, 100 minti 15. Hujjar ita ce wadda muka gani, cewa ƙarin 3 ninkin ƙarfi ne, kuma ƙarfin ne ke cinye ƙananan ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne, waɗanda in sun mutu ba sa sake tsirowa. Mai niƙan da ke wuni a 93.5 ya cinye rabonsa na ranar cikin awa ɗaya da 'yan mintuna. Lasifika ta biyu da mai biki ya raina ta rage wa yaran da ke rawa a gabanta rabin lokacin da kunnensu zai iya ɗauka.

Sai dai dokar ukun tana da iyaka, kuma masu haɗa sauti sun san ta. Ta tsaya ne a kan cewa sautukan biyu kowa tafiyarsa yake, kamar injina biyu daban. Sauti turawa ne da janyewar iska. In lasifika biyu suna manne da juna, kowace da nata ƙarfin wuta, suna buga waƙa ɗaya a lokaci ɗaya, to tare suke tura iska, tare suke janyewa, kuma ƙarin kan kai desibel 6. An fi ganin haka a sauti mai kauri, irin dukan ganga da ake ji a ƙirji, domin zangonsa dogo ne. Sauti na tafiyar mita 343 a daƙiƙa, don haka mai kaɗawa sau 100 a daƙiƙa zangonsa ya kusa mita uku da rabi, kuma 'yar tazarar da ke tsakanin akwatuna biyu ba ta ɓata masa komai. Shi ya sa ake tara manyan akwatunan bes wuri guda. Siririn sauti kuwa, mai kaɗawa sau 5,000, zangonsa santimita bakwai ne kacal. Ka ɗan gusa kaɗan, wanda ya fito daga dama ya riga na hagu isowa. A nan su haɗu su ƙaru, taku ɗaya gaba su soke juna. In aka zagaya filin aka ɗauki matsakaici, sai a dawo kusa da ukun nan.

Akwai kuma inda lasifika ta biyu ke rage ƙara maimakon ƙarawa. Kowace tana da waya biyu, ja da baƙa. In aka juya su a ɗaya daga ciki, sai su koma yin lugude: wannan na turawa, waccan na janyewa. Alamar a fili take. Kaurin sautin ya ɓace, waƙa ta zama holoƙo, kuma da zarar an cire waya daga ɗaya sai bes ya dawo da ƙarfinsa. Ana iya tabbatarwa da ƙaramin batir na tocila mai bolt 1.5: a cire lasifikar daga amfilifaya, a taɓa wayoyinta a kan batirin, ja a kan mai alamar tarawa, a kalli faifan. In na ɗaya ya turo waje, na ɗayar ya shige ciki, an gano matsalar, sai a musanya wayoyin guda.

Haka lissafin yake tafiya da baya in ana son sanin ƙarar abu guda a wuri mai hayaniya. A ce bakin titi yana nuna 80, da aka tayar da janareta na'ura ta nuna 83. Ba desibel 3 janaretan ke fitarwa ba. Shi ma 80 yake yi, kai ɗaya da titin. In ta nuna 85, a cire miliyan 100 daga miliyan 316, saura miliyan 216, wato wajen 83. In kuwa bambancin bai kai 3 ba, awon bai da tabbas, gara a jira dare ya yi, titi ya lafa, a sake aunawa. Manhajar awon ƙara ta wayar hannu tana iya kuskure da desibel da yawa a kan ainihin lambar, musamman in ƙara ta yi tsanani, amma ta isa a ga bambanci tsakanin kunna ɗaya da kunna biyu, muddin an ajiye wayar wuri guda ba a motsa ta ba.